Kurakuran da ke hana a auna aiki tun daga takardar neman tallafi

Na gaji da karanta takardun neman tallafi da ƙungiyoyin matasa na Katsina da Daura ke kawo mini in duba, domin kusan kowace takan fara da jimla irin wannan: "Matsalar al'ummarmu ita ce rashin rijiyar burtsatse." Wanda ya rubuta haka ya ambaci maganin da yake so, bai ambaci ciwon ba. Idan matsalar rashin rijiya ce, to ranar da aka haƙa ta aiki ya ƙare a takarda, ko da famfon zai lalace bayan wata uku, mata da yara su koma tsohuwar tafiyarsu.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure, kuma ya ci mini aikin shekara guda. Na rubuta wa wani ƙauye a ƙasar Daura takarda, aka ba da kuɗi, aka haƙa rijiya. Da mai tantancewa ya zo, ya zauna a kan tabarma a zauren mai gari, ya buɗe littafinsa, ya ce, "Malam, kafin rijiyar nan, minti nawa ake ɗauka a ɗebo jarka ɗaya?" Na ce ana shan wahala ƙwarai. Ya ce ya yarda, amma minti nawa? Na rasa ta cewa, domin ban taɓa aunawa ba, kuma lokacin da za a iya aunawa ya riga ya wuce. Ba a ba mu kashi na biyu na tallafin ba.

Tun daga ranar ba na rubuta bayanin matsala sai na san wa take damu, a ina, gwargwadon yaya, da kuma ranar da aka ƙirga. A ce ƙauye yana da gida 240. Sai in bi jerin gidajen in ɗauki kowane na shida, su zama 40, in tambayi mai ɗebo ruwan da kanta, ba maigida ba, domin shi ba ya zuwa layi. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna ɗaukar minti 30, zuwa da dawowa har da jiran layi, a matsayin iyakar samun ruwa mai tsabta a kusa, saboda haka da wannan ma'auni nake aiki. Sai bayanin ya fito kamar haka: a watan Afrilu, gida 6 kaɗai cikin 40 da aka tambaya ke samun ruwa cikin minti 30, saboda rijiyoyin gargajiya suna ƙafewa da bazara, famfo ɗaya da ke akwai kuma babu mai kula da gyaransa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, wato mayar da ayyuka manufofi. "Za mu wayar da kan jama'a, za mu horar da mutum goma." Haba jama'a! Wa ya taɓa auna wayewar kai? Horarwa abin da ku za ku yi ne, manufa kuwa ita ce abin da zai canja a rayuwar mutanen bayan kun tafi. A misalinmu, manufar ita ce zuwa ƙarshen Afrilun shekara mai zuwa, gida 30 cikin waɗannan 40 ɗin su riƙa samun ruwa cikin minti 30, kuma famfon kada ya wuce kwana 7 a jere a lalace, bisa ga littafin da kwamitin ruwa zai riƙa cikawa. Haƙa rijiya da horar da masu gyara sai su koma sashen ayyuka, inda ya dace da su.

A lura da cewa na maimaita Afrilu. Wanda ya ƙirga da bazara, sannan ya dawo ya sake ƙirgawa a watan Agusta, lokacin da kowace rijiya ta cika, ya auna damina ne, bai auna aikinsa ba, kuma mai tantancewa da ya san ƙasar nan zai gane nan take.

Sauran ƙanana ne. Kada a kwaso alƙaluman jiha mai ƙananan hukumomi 34 a ɗora wa ƙauye ɗaya. Kada a rubuta "kashi 50 cikin ɗari" ba tare da faɗin na mutum nawa ba. Manufa kuma ba na wuce uku, domin kowace sai an biya wanda zai koma ya ƙirga ta, kuma kuɗin mansa na babur dole ya fito a kasafin tun farko.