Darasi: Yadda Ake Tantance Lissafin Canji a Rasit ɗin Tura Kuɗi Ƙasar Waje

Wata mata ta tura wa ƙaninta dala 500, shi kuma yuro zai karɓa a ƙasar da yake karatu. Kafin ta biya, an ce mata kowace dala ɗaya za ta ba da yuro 0.92. Ta buga a kalkuletar wayarta, 500 sau 0.92, ta ga 460, sai ta aika masa saƙo cewa yuro 460 na nan tafe. Bayan kwana biyu ya kira ta: “Yaya, kuɗi sun shigo, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma fa 437.64 na gani.” Yuro 22.36 ke nan sun yi ɓatan dabo a hanya.

Lambobin nan misali ne kawai, domin farashin canji ba ya zama wuri ɗaya. Da rasit ɗin wannan mata za mu yi aiki har mu gano inda kowane santi ya shiga.

Abin da ke rubuce a rasit

Ga yadda nata yake. Yawancin rasit da Turanci ake buga su, don haka an bar kalmomin yadda za ka gan su:

```
Total paid         500.00 USD
Fee                  8.00 USD
Amount converted   492.00 USD
Exchange rate      1 USD = 0.9200 EUR
Recipient gets     452.64 EUR
```

Haruffa ukun da ke bayan kowace lamba sunan kuɗin ne a taƙaice: USD dalar Amurka, EUR yuro, GBP fam ɗin Ingila. Ka fara duba su kafin lambar, don 500 na dala da 500 na yuro ba ɗaya ba ne.

Layin farko shi ne duk abin da ya fita daga hannunta. Na biyu caji ne, wato ladan da kamfanin ya ɗauka. Na uku shi ne abin da aka canza. Na huɗu farashin canji, na biyar kuma abin da aka ce mai karɓa zai samu.

Kuskurenta yana layi na uku. Ita ta ninka 500, alhali 500 ba su kai wurin canji ba. Tun a bakin ƙofa aka zare dala 8, saura 492. Sake bugawa: 492 sau 0.92 ya ba da 452.64, daidai da abin da rasit ya nuna. To, a nan kamfanin bai ci mata ko santi ba a wajen lissafi. Tsakanin 460 da ta zata da 452.64 akwai yuro 7.36, kuma idan ka ninka dala 8 ɗin caji da 0.92, 7.36 ɗin za ka samu cif.

Ba kowane kamfani ne ke zare cajinsa daga cikin kuɗin ba. Wani ɗorawa yake yi a kai: a canza 500 ɗin gaba ɗaya, a karɓi 508 a hannunka, mai karɓa ya samu 460. Dukansu hanyoyi ne da ake bi. Naka dai shi ne ka gane wadda aka bi da kai. Idan rasit ɗinka ba shi da layin da ya nuna abin da aka canza, gwada ninkawa da lambobin biyu, da caji da kuma ba caji, ka ga wadda ta faɗa kan abin da aka ce mai karɓa zai samu.

Ninkawa ko rabawa?

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, har da waɗanda suka iya lissafi. Ana iya rubuta farashi ɗaya ta fuska biyu. Rasit ɗin da ke sama ya ce dala ɗaya yuro 0.92 ce. Wani rasit ɗin zai juya maganar ya rubuta:

```
1 EUR = 1.0870 USD
```

Farashin bai sauya ba, an dai faɗe shi ne daga ɗaya ɓangaren. Dubi kuɗin da ke tsaye kusa da lamba 1. Idan shi ne kuɗin da ka biya, sai ka ninka. Idan kuɗin da mai karɓa zai samu ne, sai ka raba. A wannan rubutun yuro ne kusa da 1, ita kuwa dala ta biya, saboda haka rabawa za a yi: 492 a raba da 1.0870, ya ba da 452.62.

Ka lura an samu 452.62, ba 452.64 ba. Kada wannan ya dame ka. Farashin gaskiya yana da dogon jela bayan ɗigo, rasit kuma yakan datse shi a lamba huɗu, shi ya sa santi ɗaya ko biyu ke iya bambanta. Bambancin da ya kai yuro guda ko fiye a kan kuɗi irin waɗannan shi ne abin bincike.

In ka manta ƙa’idar, hankali ma zai gyara maka. Da ta ninka 492 da 1.0870, da ta samu 534.80. A wannan farashi yuro ya fi dala nauyi, tunda sai ka ba da dala ɗaya da ɗoriya kafin a ba ka yuro ɗaya. Yaya za a yi ka ba da kuɗi mai sauƙi 492 a mayar maka da mai nauyi 534? Da zarar amsa ta yi daɗi fiye da kima, ka san ka juya lissafin.

Wani abin lura kuma: a ƙasashe irin su Jamus, waƙafi suke sawa inda wasu ke sa ɗigo. Za ka ga 452,64 a maimakon 452.64, ko 1.250,00 ana nufin dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Kafin ka buga a kalkuleta, tabbatar wace alama ce ke raba santi.

Sauran yuro 15 fa?

Rasit ya ce 452.64, ƙaninta ya ga 437.64. Debe wannan daga wancan, saura 15.00, babu ko santi a kai. Wannan cikar lambar ita kanta shaida ce. Giɓin da farashin canji ke jawowa yakan zo da ’yan santi a wutsiya, kuma yana girma idan kuɗin sun yi yawa. Giɓin da ya zo dunƙule, 10 ko 15 ko 20, galibi caji ne da wani banki ya yanka bayan an gama canji.

Dalili shi ne, idan kuɗi suka bi ta hanyar SWIFT, wato tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi, daga banki zuwa banki, ba kullum bankin mai turawa ke da hulɗa kai tsaye da na mai karɓa ba. Sai a bi ta wani banki a tsakiya, shi ma ya ɗebi ladansa. Bankin mai karɓa ma yana iya cajin kuɗin da suka shigo daga waje. Wanda zai ɗauki wannan nauyi ana nuna shi da haruffa uku a takardar turawa. OUR na nufin mai turawa ya ɗauki dukkan caji. SHA na nufin an raba: mai turawa ya biya na bankinsa, sauran a cire daga kuɗin da ke tafiya. BEN kuwa duka a wuyan mai karɓa. Da matar ta koma kan takardarta, SHA ta gani. Sai ta ce wa ƙanin ya nemi bayanin asusunsa a banki, ya duba ko 452.64 ne suka iso sannan aka cire 15, ko kuwa tun a hanya aka yanke su. Ta haka ake sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Yanzu lissafinta ya rufe: 7.36 na caji da 15 na banki, 22.36 ke nan.

Idan farashin ne aka sauya

A ce rasit ya nuna 447.72 a maimakon 452.64. Raba abin da mai karɓa zai samu da abin da aka canza: 447.72 a raba da 492, ya ba da 0.91. Da 0.91 aka yi aiki ke nan, ba 0.92 da aka faɗa ba, kuma hakan ya ci yuro 4.92. Kafin ka ɗaga murya, tambayi ko farashin da aka faɗa maka ɗaurarre ne ko na kiyasi. Ɗaurarre yana da wa’adi, idan ka biya a cikinsa dole a yi maka da shi. Na kiyasi kuwa sai lokacin da aka canza kuɗin ake tsayar da shi. Shi ya sa yake da kyau ka ɗauki hoton allon da ya nuna farashi da lokaci kafin ka danna biya. Da wannan hoton, da rasit, da lambar tura kuɗin za ka kai ƙorafi, kuma a rubuce. Kada ka yi jinkiri, don ƙorafi yana da wa’adi. A Amurka, misali, doka ta ba mai turawa kwana 180 daga ranar da aka yi alkawarin kuɗin za su isa.

Farashin da kake gani idan ka bincika a intanet wani abu ne daban. Wannan na tsakiyar kasuwa ne, tsakanin farashin saye da na sayarwa, kuma ba kasafai ake ba ɗaiɗaikun mutane shi ba. Idan a ranar 0.94 ne, 492 za su ba da 462.48, wato yuro 9.84 sun tafi a cikin farashin da kansa, ba tare da an rubuta su a layin caji ba. Wannan ba kuskuren rasit ba ne, riba ce da kamfani ya cusa a farashi, kuma ba za a mayar maka da ita ba. A ganina, tallan da ke cewa “babu caji” ya fi kowanne buƙatar a buga masa kalkuleta.

Aikin gwaji

1. Kana da dala 500. Kamfani na farko yana zare dala 8 daga ciki, farashinsa 0.92. Na biyu ba ya caji, farashinsa 0.90. Wanne zai kai yuro mafi yawa, kuma da nawa ya fi?

2. An canza fam 300, rasit ya ce 1 GBP = 1.15 EUR. Mai karɓa ya ga yuro 333 a asusunsa. Nawa ya kamata ya samu? Giɓin ya fi kama da na farashi ko na cajin banki?

Amsa ta 1: na farko 452.64, na biyu 450. Na farko ya fi da yuro 2.64. Amsa ta 2: 300 sau 1.15 ya ba da 345; giɓin yuro 12 ne cif, don haka sai a fara neman cajin banki a bayanin asusun mai karɓa.