Kada ku fasa tukunyar tace hayaƙin mota

'Yan uwa, tukunyar nan da ke kan bututun salansa, wadda ake kira katalis, ba ado ba ce. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu daraja irin su filatinam. Idan hayaƙi ya ratsa ta, iskar nan mai kisa marar wari da ragowar fetur da bai ƙone ba sukan haɗu da iskar oksijin, su koma tururin ruwa da irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi.

Amma fa sai ta yi zafi sosai take aiki. Shi ya sa in fulogi ya mutu, ɗanyen mai yakan isa cikinta ya kama wuta, saƙar ta narke ta toshe. In mota ta fara kakkarwa, ku duba fulogi tun kafin ku ji ta daina ja.