Darasi na Huɗu: Ƙafar Sauka da Iyakar Kowa a Netbol

Matan da suka saba da ƙwallon hannu a filayen makarantun Garwa da Marwa sun san ana iya yin taku uku da ƙwallo a hannu. A netbol ba haka ba ne, kuma sabon nan shi ya fi jawo musu busar usur.

Idan kin cafe ƙwallo a sama, ƙafar da ta fara taɓa ƙasa ita ce ƙafar sauka. A ce ta hagu ce. Kina iya taka ta dama sau nawa kika so, gaba ko baya, kina juyawa a kan ta hagun. Kina ma iya ɗaga ta hagun, amma kada ta sake taɓa ƙasa sai ƙwallo ta bar hannunki. Jan ta a ƙasa laifi ne, haka ma yin ɗan tsalle a kanta. In ƙafafun sun sauka tare, zaɓi naki ne: wadda kika fara takawa da ita, ɗayar ta zama ƙafar sauka. Duk wannan cikin daƙiƙa 3, domin ba a riƙe ƙwallo fiye da haka.

Me ya sa aka tsananta? A wasan nan ba a gudu da ƙwallo, ba a tafiya ana buga ta a ƙasa. Jifa kaɗai ke kai ta gaba. Sannan mai tsaronki dole ta ba ki tazarar santimita 90, kuma daga ƙafar sauka ake aunawa. In ƙafar tana yawo, daga ina alƙaliya za ta auna?

Yawanci gudu ke jawo kuskuren. Mace ta sauka da ƙafa a miƙe, jiki ya rinjaye ta, hagu, dama, hagu, an busa, an ba abokan hamayya jifa daga wurin. Maganinsa lanƙwasa gwiwa wajen sauka. Filin yashi yana tona asiri: juyi yana barin ɗan rami, ja kuwa dogon layi.

Filin mita 30.5 ne a tsawo, an kasa shi uku, kowane ƙarshe da rabin da'ira inda ake jefawa a raga. Cikin 'yan wasa bakwai, mai jefawa da mai tsaron raga ba sa fita daga kason ƙarshensu. Mataimakiyar kowacce tana da wannan kaso, har da da'irar, da na tsakiya. 'Yan gefe biyu, ta hari da ta tsaro, su ma kaso biyu ne, amma ban da da'ira. 'Yar tsakiya tana zuwa ko'ina sai da'irorin biyu.

Taka layi ba laifi, miƙa hannu a ɗauko ƙwallo daga ƙetare ma haka. Amma yatsa ɗaya ya taɓa ƙasa bayan layin, ko da babu ƙwallo a hannunki, an busa.

Aikin gida: ku ja layi da toka, ku riƙa jifa biyu-biyu sau 20, mai cafewa tana faɗin "hagu" ko "dama" da ƙarfi daidai lokacin sauka.