Raba allo biyu da hoto cikin hoto: inda aikin yake lalacewa

Bidiyon da aka raba wa allo gida biyu, ko wanda aka ɗora ƙaramin hoto a kan babba, yawanci wuri uku yake samun matsala: girman hoton, lokaci, da kuma sauti. Mai kallo ba lallai ya iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma zai wuce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan hoto da ƙarfi don ya cike gurbi. A ce kana haɗa bidiyon tsaye na 1080 a faɗi da 1920 a tsayi, fuskarka a ƙasa, abin da kake mayar wa martani a sama. Kowane gida zai samu 1080 a faɗi da 960 a tsayi. To idan bidiyon saman na kwance ne, wato 16:9, da zarar faɗinsa ya cike 1080, tsayinsa kusan 608 kawai zai kai. Saura 352 babu komai. A nan ne mutane suke kama gefe ɗaya su ja, sai fuskoki su yi tsawo, tayar mota ta koma kamar ƙwai.

Gyaran hanya biyu ce. Ko dai ka ƙara girman hoton gaba ɗaya har tsayinsa ya kai 960, wanda zai sa faɗinsa ya kai kusan 1707, ka yi asarar sama da kashi ɗaya cikin uku ta gefe da gefe. Wannan ya dace idan mutum ɗaya ne a tsakiya yana magana. Amma idan akwai rubutu a hoton, ko ƙwallo ce ake bugawa, kada ka yanke. Bar shi a 608 ɗinsa, ka ba fuskarka sauran 1312. Ba dole ba ne rabon ya zama daidai wa daida, kuma mu wannan muka fi so, domin ba ya ɓoye wa mai kallo komai.

Ƙaramin hoto kuwa, wanda ake ɗorawa ta Overlay a CapCut, a bidiyon kwance na 1920 da 1080 ka ba shi kamar 480 da 270, ka ɗan janye shi daga bakin allo. A bidiyon tsaye ka guji gefen dama da can ƙasa, don nan ne TikTok yake jera maɓallansa da rubutun bayani. Kuma ka ajiye shi inda idonka zai riƙa kallon cikin allo, ba waje ba.

Maganar lokaci ta fi wuyar ganewa, kuma ita ce take ɓata kwatanci. Idan kana gwada wayoyi biyu don a ga wadda ta fi saurin buɗe manhaja, kuma kowacce daban ka ɗauke ta, dole yatsan ya taɓa allo a firem ɗaya a gidajen biyu. A bidiyo mai firem 30 a daƙiƙa, kuskuren firem shida kashi ɗaya ne cikin biyar na daƙiƙa, ya isa ya ba wayar da ta fi nauyi nasara. Ka buɗa layin da ake jera bidiyon a manhajar haɗawa da yatsu biyu har ka iya matsawa firem-firem, sannan ka daidaita. Abin da ya fi ma, jera wayoyin a tebur ɗaya ka ɗauke su da kyamara ɗaya.

A bidiyon martani, ka tafa hannu sau ɗaya a farko, sau ɗaya a ƙarshe, inda makirfon kyamara da na rikodin ɗin allon waya duk za su ji. Tafin yana fitowa kamar tsini a zanen sauti. Idan tsinin farko ya hau kan ɗan'uwansa amma na ƙarshe ya goce, laifin yawanci na rikodin ɗin allon waya ne, don yawan firem ɗinsa yana hawa yana sauka. Ka wuce da shi ta HandBrake, manhajar kwamfuta mai sauya tsarin bidiyo, ka zaɓi 30, ka danna Constant Framerate, sannan ka shigo da shi.

Sai sauti. Wanda ya kunna bidiyo a lasifika yana ɗaukar kansa, makirfonsa zai kwashi sautin, idan ya ɗora na asalin sai a ji murya biyu suna bin juna kamar amsa-kuwwa. Wannan da wuya ya gyaru daga baya. Ka sa iyafis mai waya, domin na Bluetooth yana jinkirta sauti, dariyarka ta zo a makare. Wajen haɗawa, ka rage sautin asalin sosai duk inda kake magana, ka ɗaga shi idan ka yi shiru, sannan ka saurara da lasifikar waya kafin ka fitar.