Kurakuran da ke mayar da ƙorafinka farko a banki

Wani maƙwabcina mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, nan Bauchi, ya je cire naira 85,000 wajen mai POS. Na'ura ta ce kuɗi bai fita ba, amma banki ya zare. Sau huɗu yana zuwa reshe, kullum sai ya faro labari daga tushe, domin ba shi da komai a rubuce.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar lambar ciniki a matsayin lambar ƙorafi. Ta jikin rasit ɗin POS, wadda aka sa wa RRN, mai alƙaluma 12, tana nuna wane cire kuɗi ake magana a kai ne kawai. Lambar ƙorafi kuwa banki ne ke bayarwa bayan ya shigar da kukanka a kwamfuta, kuma ita ce shaidar cewa ka taɓa zuwa. Idan ma'aikaciya ta ce "je ka, za a duba", ka ce, "Hajiya, a taimaka mini da lambar ƙorafin." In babu lamba, ka ɗauka ba a shigar ba. Rasit ɗin ma kada ka dogara da shi: rubutunsa kan goge, balle in ya kwana a aljihu da zafin nan namu. Ɗauki hotonsa, ka kwafe lambar da biro.

Na biyu ya fi ciwo. Mutum ya koma ya sake ba da labari, sai a buɗe masa sabon ƙorafi da sabuwar lamba, lissafin kwanaki ya koma ɗaya. Alamarsa ita ce saƙonni biyu ko uku a wayarka, kowanne da lamba daban a kan kuɗi guda. Gyaran shi ne ka keɓe shafi ɗaya a littafi ga kowace matsala. Lambar farko a sama, sannan kowane zuwa ko kira da layinsa: kwanan wata, wa ka samu, me aka ce, wace rana aka yi alkawari. Sabuwar lamba in ta zo, a ƙarƙashin ta farko za ta zauna.

Haka muka yi wa maƙwabcin nawa. Wasiƙarsa ta gaba ta fara da cewa: "Dangane da ƙorafina mai lamba kaza na 3 ga Maris, kan naira 85,000, RRN kaza. Na dawo ranar 10 aka ce in jira kwana biyar, na kira ranar 17, har yau shiru."

Kwanan watan nan na farko shi ne abin riƙo, domin ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ita ce ka fara kai wa bankinka, ka ba shi mako biyu, kafin ka wuce sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Can ma shaidar ka fara kai kuka bankinka za a nema, wato lambar da ke saman shafin.