Kurakuran da ke kashe imel ɗin neman mai sayen sari

Masu ƙananan sana'a kan turo min imel ɗin da suke shirin aika wa babban mai saye, su ce in duba musu. Kafin in buɗe na san abin da zan tarar: sakin layi uku na tarihin kamfani, sannan "kayanmu masu inganci ne, farashinmu mai rahusa, muna iya samar da kowane adadi." Babu lamba ko ɗaya. Wanda ake rubuta wa kuwa aikinsa ke nan sayo kaya, abu huɗu yake nema: mene ne kayan, nawa za ka iya kawowa, cikin kwana nawa, kuma mafi ƙarancin odar da kake karɓa. In bai gansu a layukan farko ba, ya wuce.

Wannan "kowane adadi" ita ta taɓa kai ni ƙasa. Lokacin ina haɗa sabulun ruwa, abin da nake iya fitarwa jarka 200 ce mai lita 5 a mako. Na rubuta wa wani otal, na cika baki. Sai ga amsa: suna son jarka 500 cikin kwana goma. Lissafi bai da wuya, a kwana goma ko 300 ba zan kai ba. Amma kunyar janye maganata ta sa na ce to. Na hana ma'aikata barci, jarkoki suka yanke mana a tsakiya, na kai kayan kashi biyu, na biyun a makare. Sun biya, ba su ce min uffan ba, ba su kuma sake nema na ba. Da tun farko na rubuta 200 a mako, ko dai su raba odar, ko su ce sai wani lokaci, ƙofa tana buɗe. Don Allah ku daina jin kunyar ƙaramar lamba. Mai sayen sari ya fi tsoron wanda zai saɓa masa rana fiye da wanda kayansa kaɗan ne.

Ga irin wanda nake aikawa yanzu. A kan saƙon: "Sabulun ruwa, jarka 200 a mako, samfuri kyauta". A ciki kuma:

"Barka da aiki, ranka ya daɗe. Na ga kun buɗe sabon reshe a watan jiya. Muna haɗa sabulun wanke hannu a jarka mai lita 5, muna fitar da 200 a mako. Mafi ƙarancin oda jarka 20 ce, muna kai kaya kwana 4 bayan an tabbatar da oda. Zan iya kawo muku jarka biyu ranar Talata ku gwada?"

Sai suna, sunan sana'a da lambar waya. Ku lura da jimlar ƙarshe: tambaya ɗaya ce da za a amsa da i ko a'a. "Muna fatan ƙulla alaƙa mai ɗorewa" ba ta neman komai, saboda haka ba a ba ta komai. Maganar reshe kuma dole ta zama gaskiya, abin da ka gani da idonka. Farashi ni ba na sa shi a saƙon farko, don yana bin yawan oda. Wasu suna sawa, kuma ban ce sun yi laifi ba.

Na biyu da ke ba ni haushi shi ne jera adireshin kamfani talatin a Cc a tura musu saƙo ɗaya. Kowa yana ganin sunan kowa, har da abokan hamayyarsa, ya kuma gane ba shi ka nufa ba. Mayar da su Bcc yana ɓoye sunayen kawai, warin saƙon gayya yana nan. Ka kira kamfanin ka tambayi wanda ke kula da sayen kaya, ka rubuta masa shi kaɗai. Biyar a rana sun ishe ni.

Kada ka liƙa katalog mai nauyi a saƙon farko. Mutane ba sa buɗe fayil daga baƙo, wani lokaci ma saƙon a Spam yake ƙarewa. Kan saƙo ya zama gajere, don waya tana datse shi. Adireshin imel mai laƙabin samartaka kuma a canza shi.

In an yi shiru, ina jiran kwana biyar na aiki, in amsa a ƙarƙashin saƙon farko da layi biyu: har yanzu samfurin yana nan, wace rana ta fi muku? Sau ɗaya nake ƙarawa bayan wannan. In shirun ya ci gaba, sai in rubuta sunan a littafi da kwanan wata, in sake gwadawa bayan wata uku.