Ku duba mazubi kafin ku sayi man bitamin C

Salamu alaikum 'yan uwa. Kafin Sallah ƙanwata ta sayo man fuska mai bitamin C a kasuwar Ringim, cikin gwangwani mai faɗin baki. Fari tas yake, amma ko wata biyu bai rufa ba ya koma ruwan goro, warinsa ya canja. Ba sai jabu ne ke yin haka ba. Bitamin C da ratinol, wato wani nau'in bitamin A da ake sa wa man fuska, ba sa shiri da iska da haske da zafi, gwangwani kuwa duk buɗewa iska ta sauka a kan man baki ɗaya, ga yatsa da ake tsomawa kullum.

Mazubin da ake matsawa irin na man goge baki ya fi, bakinsa ƙarami ne. Sai dai na roba yakan zuƙi iska idan an sake shi, na alminiyam kuwa a lotse yake tsayawa.

Wanda ya fi kare man shi ne famfon da iska ba ta shiga. Ba shi da siririn bututu a ciki, wani faifai ne a gindi yake turo man sama. Sabo yakan so a danna sau da yawa kafin ya fito, kada ku zaci lalacewa ya yi ku ɓalle kan. Ko wanne kuka samu, a zaɓi wanda haske ba ya ratsawa, a ajiye shi gefen randa, ba bakin taga ba.